Neman kalmar Hausa: me za mu kira "farafires" a rubutun kundi?

Malama mai duba kundi: Assalamu alaikum. Ina tsara wa ɗalibaina na nan Kano ɗan jagora da Hausa a kan yadda ake amfani da maganar wani marubuci a cikin kundi, sai na tsaya a kan kalma guda. Ciro magana yadda take, harafi da harafi, muna da yadda muke faɗinsa, haka ma taƙaitawa da madogara da manazarta duk sun zauna a bakin ɗalibai. Abin da ya rage shi ne wanda suke kira "farafires", wato mutum ya karanta maganar marubuci, ya fahimce ta, ya sake gina ta da nasa kalmomin da nasa tsarin jimla, ba tare da ya ƙara mata ko ya rage mata nauyi ba, sannan ya ambaci mai ita. Ina son kalmar da za ta tuna wa ɗalibi cewa maganar ba tasa ba ce ko da bakinsa ne ya faɗe ta.

Ɗalibin digiri na biyu: Malama, Allah ya ƙara sani. Mu a tsakaninmu "sauya kalmomi" muke cewa, kuma ina ganin ya wadatar, tunda abin da ake yi ke nan: a ɗauki jimla a canza kalmominta da masu kama da su har na'urar gano satar fasaha ta daina yi mata ja.

Malama mai duba kundi: Wannan sunan shi ne ainihin abin da nake gudu, domin yana koyar da kuskuren da nake yawan gani. Bari in ƙirƙiro jimla don misali kawai, mu ɗauka wani marubuci mai suna Wane ne ya rubuta ta a shafi na 45 na littafinsa na 2010: "Mai yiwuwa ne an riƙa cin kasuwa a wurin tun kafin zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sai dai ruwayoyi sun fi rinjaya a kan cewa shi ne ya kafa kasuwar Kurmi." Mai sauya kalmomi zai rubuta: "Wataƙila an dinga kasuwanci a wajen tun gabanin mulkin Sarki Rumfa, amma labarai sun fi karkata ga cewa shi ya assasa kasuwar Kurmi." Ka lura da cewa ginin jimlar yana nan daram, gaɓa bayan gaɓa, kalmomi ne kawai aka maye da 'yan'uwansu. Ko da ya sa madogara a ƙarshe, bai ciro magana ba, tunda ba lafazin Wane ba ne, kuma bai sake gina ta ba, tunda tsarin na Wane ne. Turnitin, irin na'urar da ka ambata, kamance take aunawa tsakanin rubutu da rubutu, ba ita ke yanke hukuncin an yi sata ko ba a yi ba, saboda haka irin wannan jimla tana iya wuce na'ura amma ta faɗi a gaban mai jarrabawa wanda ya san littafin.

Wani ɗan jarida: Ranki ya daɗe, me zai hana a ce "fashin baƙi"? Kowane Bahaushe ya san shi, kuma mu a gidan rediyo da shi muke aiki kullum idan shugaba ya yi jawabi.

Malamin zaure: Ɗan'uwa, fashin baƙi ƙari ne, domin mai fashin baƙi yana buɗe abin da ya dunƙule, yana kawo misalinsa da ra'ayinsa, wato ya fi kusa da sharhi. Abin da Malama take nema kuwa malamanmu na hadisi sun daɗe da ba shi suna. Suna raba ruwaya gida biyu: ruwaya da lafazi da ruwaya da ma'ana. Mafi yawansu sun halatta ta biyun, amma da sharaɗin mai ruwayar ya kasance masanin harshe, wanda ya san abin da ke karkatar da ma'ana idan an sauya kalma, kuma sun so ya rufe da cewa "au kama ƙala", wato ko kamar yadda ya faɗa, don mai ji ya san ba lafazin ne cif-cif ba. Haka nan marubutanmu na Larabci, idan sun ciro magana sukan sa "intaha" a inda ta ƙare, idan kuma sun taɓa ta sai su rubuta "bi tasarrufin". Shawarata ita ce a ce "ruwayar ma'ana", a kira kishiyarta "ruwayar lafazi". Amfanin kalmar shi ne duk wanda ya ji an ce ruwaya zai tambaya daga wa, kuma wannan tambayar ita ce madogara.

Malama mai duba kundi: Allah ya gafarta Malam, wannan ta kwanta mini, musamman sharaɗin sanin abin da ke karkatar da ma'ana, domin a nan ne ɗalibai masu ƙoƙari suke zamewa. Mu koma ga jimlar Wane. Ɗalibi zai so ya gajarta ta, sai ya rubuta: "Wane (2010) ya tabbatar da cewa Rumfa ne ya kafa kasuwar Kurmi." Jimlar ta yi kyau, madogarar ma tana nan, amma an yi wa Wane ƙage, saboda bai tabbatar da komai ba, cewa ya yi ruwayoyi sun fi rinjaya, kuma ya bar ƙofa a buɗe da "mai yiwuwa ne". Ruwayar ma'ana mai kyau za ta zo kamar haka: "A ganin Wane (2010, sh. 45), Rumfa yawancin ruwayoyi suke jingina wa kafa Kurmi, ko da yake bai kore yiwuwar ciniki ya girmi zamanin sarkin a wurin ba." Tsarin ya juya, kalmomin na ɗalibi ne, amma shakkar marubucin ba ta zube a hanya ba. Hanyar da nake gane ɓarna idan ina duba kundi ita ce in kalli aikatau ɗin da aka jingina wa marubuci, ko "ya ce" ne, ko "ya yi zaton", ko "ya nuna", ko "ya tabbatar", sannan in buɗe littafin in ga ko ƙarfinsu ɗaya. Bayan haka sai in nemi ƙananan kalmomi irin su wasu, galibi, wataƙila da sai dai, domin su ne taƙaitawa take fara cinyewa.

Ko a ruwayar lafazi ma ana yin wannan ɓarnar. Ƙa'ida ta yarda a yanke tsakiyar magana a sa ɗigo uku a gurbin, kuma ta yarda a cusa kalmar bayani cikin baka mai kusurwa. Amma wanda ya ciro "shi ne ya kafa kasuwar Kurmi" kaɗai ya sa cikin alamar zance, kowane harafi na Wane ne, ma'anar kuwa ba tasa ba ce.

Ɗaliba mai rubuta kundi: Malama, ni matsalata daban ce. Kundina da Hausa nake rubuta shi, amma littattafan da nake dogara da su na Turanci ne da Larabci. Idan na fassara jimlar marubuci daidai da daidai, nakan sa ta cikin alamar zance. To wannan ruwayar lafazi ce ko ta ma'ana? Ni ma da farko na ɗauka "fassara" ce kalmar da ake nema a nan.

Malama mai duba kundi: 'Yata, a tsarin kawo madogara na APA bugu na 7 fassarar da kika yi da kanki ana ɗaukar ta a matsayin ruwayar ma'ana, saboda haka ba a sa mata alamar zance, domin marubucin bai taɓa furta waɗannan kalmomin Hausa ba. Za ki kawo sunansa da shekara, kuma ya kyautu ki ƙara shafi don mai karatu ya iya komawa asali. Idan lafazin kansa ne abin nazari, kamar baitin waƙa ko ayyana wata ƙa'ida, sai ki ciro shi da harshensa na asali, ki biyo shi da fassararki. Wasu sassa na jami'a suna da nasu tsarin a kan wannan, don haka ki duba jagoran sashenku kafin ki gyara babin gaba ɗaya. Game da shafi kuma, a APA wajibi ne ga ruwayar lafazi, ga ruwayar ma'ana kuwa ana kwaɗaitarwa ne kawai, amma ni ina nemansa daga ɗalibaina a duk inda maganar ta fito daga wuri guda a littafi mai kauri. Idan maganar da aka ciro ta kai kalmomi 40, ana ware ta a nata sakin layi mai ɗan shiga ciki, ba tare da alamar zance ba.

Ɗalibin digiri na biyu: To idan na ga Wane ya kawo maganar Tarihin Kano daga fassarar Palmer ta 1908, ni kuma ban karanta Palmer ba, ai Palmer zan rubuta tunda shi ne asali?

Malamin zaure: A'a, ɗana. A wurinmu wanda ya tsallake malamin da ya ji magana daga bakinsa, ya nuna kamar daga na sama ya ji, tadlisi ya yi, kuma aibi ne ga mai ruwaya.

Malama mai duba kundi: Haka yake a kundi ma. Za ka rubuta cewa Palmer (1908) ne, kamar yadda Wane (2010) ya kawo, kuma Wane kaɗai zai shiga jerin manazarta, domin shi ka karanta. Dalilin a bayyane yake: idan Wane ya taƙaita Palmer ya zubar da wani sharaɗi, kai kuma ka sake taƙaita Wane, to abin da ya iso kundinka ruwayar ruwaya ce, kuma ya kamata mai karatu ya san ta hannun wa ta biyo. Mafi kyau dai ka nemi Palmer ɗin ka karanta da kanka.

Ɗan jaridar: Na janye fashin baƙi, amma ina da ja a kan "ruwayar ma'ana". Ta yi kama da kalmar makarantar zaure, kuma ɗalibin kimiyya ko wanda ba Musulmi ba zai iya jin ta baƙuwa. Sannan aikatau ɗin fa? Idan aka ce "ya ruwaito", ba a bambance lafazi da ma'ana ba. Ni da "sake zubi" za a ce, tunda ana iya cewa "sake wa wannan jimla zubi" kai tsaye.

Malamin zaure: Ai ku 'yan jarida kullum kuna cewa "jaridar kaza ta ruwaito", kalmar ta daɗe da fita daga zaure. "Sake zubi" kuwa tana da daɗin faɗi, sai dai mutum yana iya sake wa maganar kansa zubi, babu abin da ke nuna akwai mai ita.

Malama mai duba kundi: A cikin jagoran zan rubuta "ruwayar lafazi" da "ruwayar ma'ana", in bar "taƙaitawa" ga inda aka dunƙule shafuka ko babi guda zuwa 'yan jimloli, tare da bayanin cewa ita ma tana bukatar madogara. Batun aikatau kuwa bai warware ba, domin "ruwaito da ma'ana" ya yi tsawo ga gefen takarda inda nake yi wa ɗalibi gyara da jan biro, kuma a can ina ganin "sake zubi" zan riƙa rubutawa har sai wani ya kawo wadda ta haɗa biyun.