Ɗan'uwa ya mayar da kai banki: wane saƙo za ka tura masa?

Malamin firamare: Jama'a, a taimaka da kalmomi. Mutum ne albashinsa naira 120,000, ɗan baffansa kuma yana turo saƙo sau uku ko huɗu a wata, yau 5,000, gobe 3,000 na magani, jibi kuɗin mota. Ba a son yanke zumunci, amma abin ya fara taɓa cefanen gida. Me za a rubuta masa?

Hajiyar Fagge: Kafin a taɓa waya, a zauna da biro. A cire haya, abinci, kuɗin makaranta da abin da ake kai wa iyaye, don su haƙƙinsu daban ne. Abin da ya rage a yanki abin da za a iya bayarwa ko a watan da ya fi kowanne tsanani. A wannan albashin, a ce 10,000. Sai a rubuta:

"Assalamu alaikum Yaya, ya gida, ya yara? Na san halin da ake ciki, Allah Ya kawo mana sauƙi. Na duba lissafina, abin da zan iya shi ne 10,000 duk ranar 28 ga wata, zan turo ba sai ka tuna min ba. Bayan wannan ba zan iya ƙarawa ba sai wata ya zagayo. Na faɗa maka tun yanzu ne don ka tsara da shi. A gaida Anti."

Abu biyu ne ke riƙe da saƙon: adadi da rana. Kuma a tura shi ranar da bai roƙa ba. In aka jira sai ya ce yaro ba lafiya sannan aka kawo wannan magana, zai ji ta kamar mari.

Ɗan kasuwar waya: Duk wannan doguwar hanya ce. Ka ce albashi bai shigo ba, ko ka ce manhajar banki ta ƙi buɗewa, shi ke nan.

Hajiyar Fagge: Gajartawar da kake so daidai ce, amma uzuri yana ƙarewa. Wanda aka ce wa albashi bai shigo ba zai sake kira ranar 2 ga wata, kuma ya fi ka sanin ranar da gwamnati ke biya. Haka "zan duba" da "bari mu gani": kai kana nufin a'a, shi kuwa ya ji alkawari, har ya ci bashin mai shago a kansa. Alamar saƙo bai yi aiki ba ita ce amsar ta dawo da tambayar "to zuwa yaushe?"

Almajirin zaure: Suratul Isra'i ma ta haɗa abubuwan nan. Aya ta 26 ta ce a ba ma'abocin zumunta haƙƙinsa, ta 28 ta ce in babu abin bayarwa a faɗa musu magana mai sauƙi, ta 29 kuma ta hana ƙuntata hannu da sakinsa gaba ɗaya. Don haka kada a cusa gori a saƙon, irin "ko watan jiya na ba ka". Da zarar an fara lissafa alherin baya, ba zai ƙara jin komai ba.

Maman 'yan biyu: Ni nawa ƙanin miji ne, ya karɓi 50,000 tun kafin azumi, ya ce rance. Yaya zan rubuta ya biya?

Malamin firamare: Wannan bin bashi ne, Maman 'yan biyu, kuma ta bakin maigida ya kamata ya fito. Amma kin tuna mana abu: saƙon ya fayyace cewa 10,000 ɗin kyauta ce, don kada a riƙa kiranta rance alhali kowa ya san ba za ta dawo ba.

Direban tirela: A lura da wanda ake tura wa. Wa ko ƙane, rubutu ya wadatar. Kawu ko gwaggo kuwa, rubutu raini ne. A taka a je, in da nisa a kira, a gaisa sosai tukuna. Kuma sati na biyu ne gwajin. Zai dawo da wata larura, mai yiwuwa ta gaske. Amsa layi ɗaya: "Wallahi Yaya na wannan watan na riga na turo, sai 28 in Allah Ya kai mu." In ka tura ko 2,000 ne don kunya, ka koya masa cewa iyakar tana motsawa. Rashin lafiya mai tsanani daban ce: a nemi hoton takardar magani, a biya kemis ko asibiti kai tsaye.

Hajiyar Fagge: Kuma a ci gaba da kiransa ranar Juma'a haka kawai, a je suna, a je gaisuwa, don ya ga kuɗin aka taƙaita kawai. Sai dai ni ina ganin a sanar da mahaifiya kafin a tura, domin ƙarar wurinta za a kai.

Direban tirela: A nan ban bi ki ba, Hajiya. Tona masa asiri ne, kuma tsohuwa za ta ce a yi haƙuri a ƙara masa. A bari sai in shi ya kai maganar da kansa.