Idan Amsa Ta Zo da Alamar Tambaya Kaɗai

A wata tattaunawa kan yadda za a fahimci saƙon da bai ƙunshi komai ba sai alama, shawarar da mafi yawan masu tattaunawar suka tsaya a kai ita ce, wanda ya samu saƙo mai ɗauke da "?" kawai ya fara duba abin da ya gabace shi kafin ya yanke hukunci. Misali, idan abokin aiki ya tambayi lokacin taro da safe, ba a ba shi amsa ba har azahar, sannan ya turo alamar, to tuni yake yi, kuma abin da yake jira shi ne lokacin taron, ba doguwar ban-haƙuri ba. Amma idan alamar ta biyo bayan bayaninka nan take, galibi bai gane ba ne, ko kuma saƙon ba nasa ba ne ka tura masa.

Game da 👍 kuwa, ra'ayi ya rabu, domin wani yana nufin "na gani", wani kuma "na amince". A ganina wannan ya fi haɗari, saboda haka idan maganar ta shafi kuɗi ko alkawari, a nemi amsa a rubuce: "Ka amince da ranar Talata?"