Tsayin ɗana ya fara ba ni tsoro: na gado ne ko ciwo?

Assalamu alaikum. Likitoci da masana, don Allah ina neman shawararku.

Danginmu dogaye ne. Ni santimita 188 nake, mahaifiyarsa 172. Da na yi lissafin da ake yi wa ɗa namiji, wato a haɗa tsayin iyaye, a ƙara 13, a raba biyu, ya ba ni kusan 186 idan ya gama girma. To amma yaron nan shekararsa 10, ko muryarsa ba ta fashe ba, ya riga ya kai 170. A bara kaɗai ya ƙara santimita 12, alhali kafin balaga yaro kan ƙara 5 zuwa 6 ne a shekara. Yayansa ma dogo ne, amma shi a hankali ya riƙa tafiya tun yana ƙarami, bai taɓa yin irin wannan zabura ba.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne ciwon kai da yawan gumi. Takalminsa sau uku muka canja cikin shekara ɗaya, haƙoransa sun fara warewa, kwanan nan kuma yana yawan karo da bakin ƙofa kamar ba ya ganin gefe. Na san ƙari a ƙullutun nan na ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yana sa sinadarin girma ya yi yawa, yana kuma iya danne jijiyar gani.

Mun je wani asibiti, aka auna sinadarin girman sau ɗaya aka ce lafiya lau, gado ne. Amma ai sinadarin yana hawa da sauka a yini guda. Shin in nemi gwajin IGF-1, wato gwajin jini mai nuna aikin sinadarin girma a jiki, da na shan ruwan sukari don a ga ko sinadarin zai sauka tukuna, ko in wuce kai tsaye hoton MRI saboda batun idon?