Masu aikin fassara: in an maido ta ta dawo daidai, shi ke nan ma'ana ta tsira?

Ɗan Gusau: Salamu alaikum jama'a. Masu aikin fassarar takardun tambayoyi na kiwon lahiya nake nema. An fassara mana tambayoyi daga Turanci zuwa Hausa, sannan anka ba wani mutum daban ya maida Hausar zuwa Turanci, anka ɗora takardun biyu gefe da gefe kusan ba bambanci, oga ya ce a buga a fita da su ƙauye. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wanda ya taɓa wannan aikin don Allah ya faɗa mana abin da ya gani da idonshi.

Na Argungu: Wa alaikumus salam. Ai in ta dawo daidai magana ta ƙare ɗan uwa, dalilin gwajin ke nan. Sharaɗi guda ne, kada na biyun ya taɓa ganin takardar asali ko da shafi ɗaya. Mu wurinmu da anka yi haka sai ga shi an kama inda mai fassara ya tsallake layi guda cur a takardar neman amincewa, layin da ke cewa mutum na iya janyewa duk sadda ya ga dama, kuma an kama inda sati biyu ya koma wata biyu. Ba don an maido ba da haka za ta fita.

Hajiya Mai Fassara: Na Argungu abin da ka faɗa gaskiya ne, irin wannan kuskuren shi ne gwajin ya fi iya kamawa, tsallake layi, canjin lamba, ko "ba" da ta faɗi magana ta juye. Amma akwai wanda ke wucewa ta gabanshi bai gani ba, bari in ba ku wanda na gani a wajen Gummi. A Turancin ana tambayar yawan mutanen da ke ƙarƙashin magidanci ɗaya suna ci daga tukunya ɗaya, haka masu ƙidaya ke auna iyali. Mai fassara ya rubuta "mutum nawa ne a gidan nan". Mai maidowa tsohon hannu ne a aikin bincike, yana ganin "gida" ya san kalmar da ake sawa a irin wannan takardar, sai ya rubuta ta, takardu biyu suka zo kamar an kwafa. To da aka shiga wani gida aka tambayi dattijo, sai ya fara lissafi da yatsu, shi da matanshi, ƙannenshi biyu da nasu matan, ɗanshi da ya yi aure bara, ya ce 31. Bai yi ƙarya ba, ƙofar zaure ɗaya suke shiga, amma tukunya huɗu ake ɗorawa a gidan. Kuma tambayar da ke biye ita ce gidan sauro nawa kuke da shi, a nan sai ya faɗi na sashenshi kaɗai, guda 3. In ka raba 31 da 3 za ka ce mutum goma ke rabon gidan sauro ɗaya, alhali mutanen sashenshi 8 ne, bai kai mutum uku kan kowane ɗaya ba. Daga baya aka gyara zuwa "ku nawa ne kuke ci daga tukunya ɗaya", aka ƙara wa masu tambaya umarnin su tantance sassan gidan kafin su fara.

Ɗan Gusau: Hajiya to laifin mai maidowar ne ke nan?

Hajiya Mai Fassara: Ba laifi ba ne ƙanena, ƙwarewarshi ce ta rufe ramin. Mutum in ya san abin da ake nufi sai ya gyara a zuciyarshi bai ma sani ba. Shi ya sa nake gaya wa mai maidowa ya rubuta abin da Hausar ta faɗa tsagwaronsa ko Turancin zai yi muni, kuma duk kalmar da ke ɗaukar ma'ana biyu ya rubuta duka biyun a gefe. Akwai kuma kishiyar wannan, wato fassarar da aka bi kalma bayan kalma. Ita ce ta fi dawowa tsaf saboda ƙashin Turancin na nan cikinta, amma ka karanta wa tsohuwa a Bukkuyum za ta ce ka sake faɗi. In na ga takarda ta dawo ba ko tabo, nakan fi zarginta.

Baban Ummi: Ni ma abin ya taɓa cin mu a kotu, tafinta ya faɗi abin da baffana bai faɗa ba kan iyakar gona, baffa ya ce aro anka ba su, shi ya ce kyauta. Wa za a kai wa ƙara a irin wannan?

Na Argungu: Allah ya kyauta Baban Ummi, amma wannan tafintan baka ne, mu rubutacciya muke magana. Ka nemi lauya ya duba abin da anka rubuta a littafin kotu.

Ungozoma daga Birnin Kebbi: Nawa kan shayarwa ne. Tambayar ita ce ko uwa na ba jariri ɗan ƙasa da wata 6 nono zalla, an maido ta ta dawo lafiya lau. Kusan duk uwar da na tambaya sai ta ce eh nono kaɗai nake ba shi, ina zaune kuma zan ga ta ɗebo ruwa a ludayi ta ɗiga mishi don zafi ya yi yawa. A wurinta ruwa ba abinci ba ne balle ya shiga lissafi, haka rubutu da zuma. Kalmar ba ta da aibu ko kaɗan, fahimtar ce ta bambanta, kuma ba mai maidowar da zai gano wannan yana zaune a ofis. Sai da muka koma tambayar jiya da rana da daddare me ya shiga bakin yaron, muna kiran su ɗaya ɗaya, ruwa, kunu, madarar gwangwani, jiƙo.

Malamin Mafara: Ni kau gwajin ga ya cece mu, kada a raina shi. Hirarraki munka ɗauka da manoma, anka ba wani Bakano ya maishe su Turanci. Manomi ya ce "ɗiyana huɗu na makaranta", shi Bakano ɗiya wurinshi mace ce, sai ya rubuta 'ya'ya mata huɗu. Da anka maido Hausa sai ga "'ya'yana mata huɗu", ni kau na san mutumen, ukku maza ne. Nan munka gane dole a bi duk inda kalmar ta hito. Don haka ina ganin mai hwassara da mai maidowa kada su zan 'yan gari ɗaya, da Bakano na biyu anka ba kuma ya maido da "ɗiya" da ba mu gane komi ba.

Hajiya Mai Fassara: Malam na yarda da kai kan karin harshe. Ɗan Gusau, kafin a buga ku ɗauki takardar ku je unguwa irin wadda za a yi aikin, ku samu mutum kamar goma, maza da mata, har da waɗanda ba su yi boko ba. A karanta tambaya kamar yadda take, in ya amsa a ce mishi "Baba, da na ce gida su wa ka lissafa?" ko "Inna, me kika fahimta nake tambaya?" Inda mutum biyu ko uku suka fahimci abu daban, nan za a gyara.

Na Argungu: Hajiya wannan kuɗin mota ne da alawus, kuma masu ba da aikin takardar maidowa kawai suke nema su sa a fayil. Kuma in don gudun ƙwarewa ta rufe rami za a ba wanda bai san fannin ba ya maido, ni ban gamsu ba, zai cika mu da bambance-bambancen da ba kuskure ba ne mu kwana muna gardama.

Ɗan Gusau: Na duba yanzu, tambaya ta 4 tamu ma "mutum nawa ne a gidan nan" take cewa. Gobe in sha Allah zan kai wa oga, in bai ba da mota ba zan fara gwadawa da maƙwabtanmu a Tudun Wada. Ungozoma don Allah ki turo min jerin abubuwan da kuke kira wa iyaye mata.