Neman kalmar Hausa: me za mu kira `bucket` da `object`?

Mai tambaya, daga Arkilla:
Assalamu alaikum. Ina rubuta darasi da Hausa domin ɗalibai masu koyon gina manhaja a nan Sakkwato, kuma mun iso kan ma'ajiyar fayiloli irin ta Amazon S3. Dukansu sun saba da folda da fayil a kwamfuta, saboda haka na yi niyyar in kira `bucket` babbar folda, in kira `object` fayil. Malamai, hakan ya wadatar, ko akwai kalmomin da suka fi dacewa?

Wani mai gina manhaja, daga Mabera:
Wa'alaikumus salam. A ganina ya wadatar, Malam, domin idan ka buɗe shafin S3 za ka ga maɓallin `Create folder`, kuma ni kaina na daɗe ina shirya hotuna folda cikin folda a can ba tare da wata matsala ba. Abin da ya bambanta kawai shi ne, ita babbar foldar tilas sunanta ya kasance babu wanda ya riga ka ɗaukarsa a duniya.

Wata injiniya, daga Runjin Sambo:
Ɗan'uwa na Mabera ya yi gaskiya game da suna. Sunan `bucket` ba ya maimaituwa tsakanin masu amfani da S3, tsawonsa daga harafi 3 ne zuwa 63, ba ya karɓar manyan baƙaƙe, kuma ba ya karɓar ƙ ko ɗ ko ɓ. Amma kalmar folda ina roƙon a guje mata, domin za ta dasa wa ɗalibi fahimtar da za ta cutar da shi ranar da ya fara rubuta manhaja.

A cikin `bucket` na yau da kullum babu folda ko ɗaya. Abin da ke akwai jerin abubuwa ne a shimfiɗe, kowanne da cikakken sunansa wanda ake kira `key`. A ce wata makaranta ta ajiye hotunan ɗalibai kamar haka:

```
2023/aji-1/001.jpg
2023/aji-1/002.jpg
2023/aji-2/001.jpg
```

Idon da ya saba da kwamfuta zai ga folda uku, wato `2023` da `aji-1` da `aji-2`. Ita kuwa ma'ajiyar abubuwa uku kawai ta sani, kuma alamar `/` a wurinta harafi ce cikin suna kamar kowane harafi. Shafin da ɗan'uwa yake gani shi ne yake tattara sunayen da farkonsu ya zo ɗaya, ya zana musu hoton folda domin sauƙin dubawa. Shi kuma maɓallin `Create folder` abin da yake yi shi ne ya ajiye wani abu wanda babu komai a cikinsa, mai suna da ya ƙare da `/`.

Inda bambancin yake fitowa fili shi ne wajen sauya suna. A kwamfuta, mayar da foldar `2023` zuwa cikin `tsoho` aiki ne na ƙiftawar ido, ko da fayil nawa ne a ciki, domin suna ɗaya ake gyarawa. A nan kuwa, idan hotunan 2,500 ne, wannan umurni:

```
aws s3 mv s3://hotunan-makaranta/2023/ s3://hotunan-makaranta/tsoho/2023/ --recursive
```

zai kwafi hotunan ɗaya bayan ɗaya zuwa sabon suna, ya goge na tsohon suna, wato kwafi 2,500 da gogewa 2,500. Idan intanet ta yanke a tsakiyar aikin, za a tarar da wasu hotunan a ƙarƙashin tsohon suna, wasu a ƙarƙashin sabo, kuma manhajar makarantar za ta riƙa samun saƙon kuskure na `NoSuchKey`, wato babu wannan suna, a kan waɗanda aka riga aka kwashe. Ɗalibin da aka koya wa cewa wannan folda ce ba zai taɓa tsammanin aikin zai iya tsayawa rabi da rabi ba.

Wani ɗalibi, daga Gidan Igwai:
Malama, Allah Ya ƙara basira. Ni dai `key` ban ga wahala a kansa ba, tunda makulli ne. An ba ni guda biyu lokacin da na haɗa manhajata da ma'ajiyar, aka ce kada in nuna wa kowa na biyun.

Injiniyar Runjin Sambo:
Ƙanena, waɗancan daban ne. Su ne `access key ID` da `secret access key`, kuma aikinsu tabbatar da cewa kai ne mai izinin shiga, don haka makulli ya dace da su. Wanda muke magana a kansa ba ya kulle komai, suna ne kawai da ake kiran abu da shi. Tambayarka ma ta nuna dalilin da zai hana a kira su duka biyun makulli a darasi ɗaya.

Wani malamin Hausa, daga Kanwuri:
Ni ba injiniya ba ne, amma na bi bayanin Malama, kuma ga abin da nake gani. Tunda wuri ne guda da ake tara kaya a ciki, rumbu ya fi bokiti nauyi da dacewa, ko kuma rufewa kamar yadda muke cewa a ƙauyukanmu. Abin da ake sakawa a ciki sai a kira shi dami. Game da farkon sunan nan da ake tattara abubuwa da shi, wato `prefix`, masu nazarin nahawun Hausa sun daɗe da kalmar ɗafa-goshi, kuma ban ga abin da zai hana ku ara ba.

Injiniyar Runjin Sambo:
Allah Ya gafarta Malam, ɗafa-goshi na karɓa hannu biyu, domin ainihin aikin ke nan: kana cewa ma'ajiya ta kawo maka duk sunan da ya fara da `2023/aji-1/`, ba wai ta buɗe wani ɗaki ba. Ya kamata darasin ya ambaci cewa buƙata ɗaya ta `ListObjectsV2` ba ta dawo da suna fiye da 1,000, saboda haka hotunan nan 2,500 sai an nemo su sau uku, kuma manhajar da ba ta duba `IsTruncated`, alamar da ke nuna cewa akwai saura, za ta ɗauka hotuna 1,000 ne kaɗai.

Rumbu kuwa ina da ja a kansa, domin marubuta da yawa sun riga sun saba da rumbun bayanai a matsayin `database`, kuma manhaja ɗaya takan yi amfani da duka biyun. Bokiti ba shi da wannan rikici, ga shi kuma ɗalibi zai gane shi nan take idan ya ga kalmar a allo. A kan `object` na fi son ƙunshi a kan dami. Abin ya haɗa bayanan da kansu, da sunansu, da bayanin da ke tafiya tare da su kamar `Content-Type`. Ban da haka, a bokiti na yau da kullum ba a buɗe shi a gyara tsakiyarsa kamar yadda ake yi wa fayil. Idan layi ɗaya za ka sauya, sai ka ɗora sabon ƙunshi gaba ɗaya a kan sunan nan ya maye gurbin tsohon.

Mai gina manhaja na Mabera:
Na yarda da batun sauya suna, Malama. Sai dai bokiti bai kwanta mini ba, domin a ma'ajiyar Azure ta kamfanin Microsoft `container` suke cewa, abin da ke ciki kuma `blob`. Idan ɗalibi ya koma can, kalmar ba za ta yi daidai da abin da yake gani ba, shi ya sa nake ganin mazubi zai fi ɗaukar duka biyun.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, malamaina. Na cire folda daga darasin, sai dai wurin da zan bayyana cewa shafin ne yake zana ta. Zan yi amfani da ƙunshi da ɗafa-goshi, kuma tunda darasin kan S3 yake, zan rubuta bokiti, in ambaci mazubi idan mun zo kan Azure. Abin da ya rage shi ne `key`. Na rubuta cikakken suna a yanzu, amma yana da tsawo idan ya maimaitu a jimla, kuma laƙabi da na yi tunaninsa yana nuna kamar akwai wani suna na asali bayan shi, alhali babu. Malam na Kanwuri, ko akwai gajeriyar kalma da za ta ɗauki wannan ma'ana?