Ratsin fitila a bidiyon da aka riga aka ɗauka: me ya yi muku aiki?

Sadiya: Assalamu alaikum 'yan'uwa masu editin. Na ɗauki wata hira ta kusan rabin awa a ɗakin taro, fitilun ɗakin dogayen nan ne na fuloresan. Kyamara tana kan ƙafarta, ba ta motsa ba. A ƙaramin allon kyamara ban ga komai ba, sai da na ɗora a kwamfuta na ga ratsi-ratsi masu duhu a kwance suna gudu a kan bango da fuskar mutumin. Fayil ɗin ya nuna firam 29.97 a daƙiƙa, shota kuma 1/60 ce, wutar wurin ta 50Hz. Mai hirar ya yi tafiya, babu maganar sake ɗauka. Da Premiere nake aiki. Duk wanda ya taɓa gyara irin wannan ya faɗa mana yadda ya yi da kuma yadda ta kaya.

Bashir: Wa alaikumus salam Anti Sadiya. A Premiere akwai Anti-flicker Filter a ƙarƙashin Motion, ki ɗaga shi. In bai yi ba ki kwafi bidiyon ki ɗora a kan na asali, ki tura na saman gaba da firam ɗaya, ki mayar da Opacity ɗinsa 50. Ni haka na yi wa wani bidiyon wa'azi kuma ya lafa sosai.

Malam Nura: Bashir, na farkon nan ba zai taɓa komai ba. An yi shi ne don siraran layuka da ƙananan rubutu da ke rawa a tsohon tsarin talabijin, ba ruwansa da hasken fitila. Dabara ta biyun tana kan hanya, sai dai ga bidiyon Sadiya leya biyu rabin aiki za su yi.

Ga abin da ke faruwa. Wuta mai 50Hz tana sa fitilar ta haska ta dushe sau 100 a daƙiƙa. Shota 1/50 tana haɗiye haskawa biyu cif, 1/100 tana haɗiye ɗaya, shi ya sa ba a ganin komai da su. Amma 1/60 tana kama ɗaya da kashi biyu cikin uku, wato wani lokacin ta dace da haske mai yawa, wani lokacin kaɗan. Sansar kyamara kuma ba ta ɗaukar hoton gaba ɗaya a lokaci guda, layi-layi take karantawa daga sama zuwa ƙasa. Don haka wasu layukan sun samu haske fiye da wasu, shi ne ratsin da kike gani.

Kafin ki taɓa komai, ki tsayar da bidiyon, ki sa ido a kan ratsi guda a bango, ki riƙa danna kibiyar dama firam bayan firam kina ƙirgawa har ratsin ya dawo inda ya taso. A naki zai dawo ne bayan firam uku, domin a firam uku fitila ta haska kusan sau goma cif. Wannan lambar ita ce yawan leyar da kike buƙata. Ki ɗora kwafi uku: ta ƙasa ki ja ta baya da firam ɗaya ki bar ta a 100, ta tsakiya ki tura ta gaba da firam ɗaya ki sa mata 50, ta sama ki bar ta a mazauninta ki sa 33. Da haka kowane firam ya ba da kashi ɗaya cikin uku, duhun wannan ya faɗa kan hasken wancan su kashe juna. Sauti kuwa na asali kaɗai za ki bari.

Bashir: To Malam, me ya sa nawa ya yi da leya biyu?

Malam Nura: Ya ragu ne, bai tafi ba. Idan naka ma 30 ne a wutar 50, leya biyu suna rage ƙarfin ratsin da kusan rabi. In dama can ratsin ba mai ƙarfi ba ne, rabin ya isa ido ya daina kula. Ka koma ka ɗaga Contrast a kansa ka gani, yana nan.

Alhaji Tukur: Ni dai shawarata, duk inda za ku yi ɗauka a cikin ɗaki ku sa kyamara a 25, shota 1/50, shi ke nan babu ratsi. Shekaru ina yi ban taɓa samun matsala ba.

Sadiya: Gaskiya ne Alhaji, Allah ya saka. Amma wannan an riga an ɗauka, gyara muke nema.

Malam Nura, na ƙirga, uku ne kamar yadda ka ce. Na yi leya ukun, bango ya wanke tas, labule ma haka. Matsalar yanzu mutumin mai magana da hannu ne. Duk sanda ya ɗaga hannu sai in ga hannaye uku, bakinsa ma ya yi laushi kamar an shafa shi.

Malam Nura: Dole, domin kin haɗa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a hoto guda, duk abin da ya motsa a cikin wannan lokacin zai bar inuwa. Abin da nake yi shi ne in juya tsarin. In haɗa leya ukun su zama Nest, in ɗora na asali a samansu, in zana Mask a kan Opacity ɗinsa wanda ya kewaye baki da inda hannu ke yawo, in ba shi Feather mai yawa don kada gefen ya fito. A cikin da'irar nan ratsi zai dawo, amma wuri ne ƙarami kuma mai motsi, ido bai cika kama shi ba. Abin da ke damun mai kallo shi ne babban bango yana ƙyaftawa. Goshi da kumatu su ne masu wuya, nan sai kin gwada kin ga wanne ya fi sauƙin haƙuri, ratsi ko laushi.

Zainab: Ni ban bi hanyar leya ba. Nawa bidiyon taro ne, kyamara a hannu, mutane suna kai-komo, kun san leya ba za su yi ba. Na kai shi DaVinci Resolve na sa Deflicker, na zaɓi Fluoro Light. Ya cire mafi yawa tun a karon farko. Abin da ya fi taimaka mini shi ne Output: idan ka mayar da shi Detected Flicker sai ya nuna maka abin da yake cirewa kawai. In ka ga ratsi zalla, lafiya. In ka fara ganin siffar fuska da hannu a ciki, to ya fara cin mutanen, sai ka shiga Advanced Controls ka sassauta. Ku sani dai na Studio ne, a na kyauta tambari yake bugawa a kan hoton. Kuma yana da nauyi, kwamfutata ta sha wuya wajen fitarwa.

Abu ɗaya da na lura: a nod na farko ya kamata a sa shi, kafin gyaran kala. Da na sa shi a ƙarshe, kalar da na ƙara ta riga ta zafafa ratsin, wani ya koma kore-kore wani ja-ja, domin fuloresan ba haske kaɗai take canzawa ba, har launi.

Haruna: Ga wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi, leya ukun Malam Nura layi ɗaya ne a ffmpeg:

```
ffmpeg -i asali.mp4 -vf "tmix=frames=3,trim=start_frame=1,setpts=PTS-STARTPTS" -c:v libx264 -crf 16 -c:a copy gyara.mp4
```

Sai ka ɗora gyara.mp4 a ƙasa, asali a sama da Mask. Akwai kuma wata tacewa mai suna deflicker a cikinsa, sunan yana ruɗar mutane. Ita hasken firam ɗin gaba ɗaya take aunawa ta daidaita, don haka tana yi idan dukkan hoton ne ke haske yana duhu, amma ratsi ko gezau. Kuma ku yi shi a kan fayil ɗin da ya fito daga kyamara, kafin yanke-yanke. Idan an riga an haɗa, duk inda aka yanka sai ƙarshen wannan ya narke cikin farkon wancan.

Ni tawa damuwar daban ce. Na ɗauka a 25, wuta 50, amma shota ta tafi 1/250 saboda hasken taga. Ratsin nan a tsaye suke wuri ɗaya, sai dai su ɗan ja jiki a hankali. Na gwada uku, na gwada biyar, babu abin da ya canza.

Malam Nura: Ba zai canza ba Haruna. A 25 kowane firam yana samun haskawa huɗu cif, don haka ratsin yana faɗowa wuri guda a kowane firam. Ka haɗa firam ɗari ma duhun a kan duhu zai zauna. Jan jikin da kake gani shi ne ɗan bambancin da ke tsakanin bugun wutar da agogon kyamara, a janareta ya fi yawa. Na taɓa gyara irinsa da hannu: leyar gyara a sama, Mask dogo a kwance mai laushin gefe a kan kowane ratsi, in ɗaga Exposure kaɗan, in bi shi da Keyframe yana tafiya. Ya yi a guntun daƙiƙa ashirin. A bidiyo mai tsawo ban ba ka shawara ba.

Zainab: Malam, ni ina ganin Flicker Free zai iya wannan, akwai saitin Rolling Bands a cikinsa. In ya ɗaga Time Radius zai duba firam masu nisa.

Malam Nura: Idan ratsin yana tafiya sosai, e. Amma duk waɗannan kayan maƙwabtan firam suke tambaya yadda wurin ya kamata ya kasance. In maƙwabtan ma duhu suke da shi a wurin, ba su da amsar da za su bayar. Ya gwada na gwaji dai kafin ya saya.

Ummi: Ku yi haƙuri in shigo da nawa. Da waya na ɗauka a tsaye, a ɗaki mai fitilun LED da aka rage musu haske da rimot. Ratsina sirara ne, sun fi ashirin, kuma a tsaye suke, ba a kwance ba. Na ƙirga firam har na gaji ba su dawo wuri ɗaya ba.

Haruna: Tsayuwar ba komai ba ce, wayar kika juya, sansa tana nan tana karatunta yadda ta saba. Sirantarsu kuwa daga rage hasken ne. LED irin wannan kunnawa da kashewa take yi sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa, bugunta ba ya bin na wutar gida, don haka ƙirgen uku ko biyar bai shafe ta ba. Waya kuma takan canza yawan firam da shota da kanta ana cikin ɗauka.

Malam Nura: Irin naki ban taɓa samun wanda ya wanke gaba ɗaya ba. Tunda suna tsalle a kowane firam, Deflicker yana da abin kamawa, amma gefensu kaifi ne, sukan bar ɗan sawu a fata. Zainab, in Ummi ta turo miki daƙiƙa goma daga fayil ɗin asali, ba wanda ya bi ta WhatsApp ba, za ki iya sa masa Fluoro Light mu ga abin da Detected Flicker zai nuna?

Zainab: Ta turo, amma ta zaɓi wurin da ake motsi a ciki.