Farin kwai a fitilar Boxer: magani ne ko ramuwa?

Mai Boxer Ja: Wlh direbobin nan duk mugaye ne. Tsakanin Kwanar Dangora da Kura da daddare kowa fulayit, ka yi musu dim ka gaji ba mai sauke maka. Ni dai gobe zan cire kwan kamfani in sa farin LED mai fuska huɗu, wanda ya kashe min ido in kashe masa nasa. Duk ɗan mashin da bai sa ba shi ya so.

Direban Sharon: Duk? Duk fa ka ce malam. Ina wannan hanyar tun kana tura taya, iyalina da wannan sitiyarin nake ciyar da su, shi ne don kana da data za ka kira ni mugu. Janye kalmar tukuna sai a yi magana.

Na Gidan Kaji: Ai bai kama suna ba oga, me ya yi zafi

Direban Sharon: Ya ce duk. Ni ba direba ba ne?

Mai Boxer Ja: To mafi yawa. Shi ke nan?

Direban Sharon: Wa ya ƙirga? Laifi tudu ne. Ku da rabinku ba danja a baya, baƙar riga, baƙin mashin, sai mutum ya zo dab sannan ya ga abu na motsi. In ban ɗaga fitila ba da me zan gan ku? In aka buge mutum kuma a taru a ce za a ƙona mota.

Baba Mai Wayarin: Ku bar mugu da ba mugu ba, yaro kuɗinka za ka zubar. Ciro kwan da ke mashin ɗinka ka karanta jikinsa, za ka ga 12V 35/35W. A yawancin mashinan nan fitilar gaba daga kwayil take sha kai tsaye, ba daga batir ba, shi ya sa in kana silo take yin ja, in ka murɗa totur ta ƙaro haske. Wutar kwayil AC ce, kwan LED kuwa DC yake so. In ka sa wanda ba a rubuta AC/DC a kwalinsa ba, zai dinga ƙyaftawa a silo, bayan ɗan lokaci ya mutu, kuma shi ba ya gargaɗi, kana tsakar tafiya sai duhu.

Ɗan Sabon Gari: Ƙarya ne baba da girmanka, nawa wata nawa yana ci bai taɓa ƙyaftawa ba

Baba Mai Wayarin: Wane mashin?

Ɗan Sabon Gari: Roba-roba

Baba Mai Wayarin: Kunna makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka danna fitila. In ta kama to kan batir take, kai da shi ba maganarku ɗaya ba. Kuma ba a ce wa babba ƙarya ne.

Ɗan Sabon Gari: Afuwan baba. Amma dai Boxer ai mashin ɗaukar buhu ne, wa ya ce a yi gayu da shi

Mai Boxer Ja: Buhun ne ya gina min ɗaki. Naka in ya faɗi sau ɗaya sai a tsince shi a leda.

Na Gidan Kaji: Ni matsalata kaji nake ɗaukowa da asuba, fitila lafiya lau in ba lodi, ina ɗora keji sai hasken ya koma kan bishiyoyi. Na sa kwai mai wat 55 abin bai gyaru ba, ƙara dushewa ma ya yi, soket ɗin har ya fara narkewa.

Baba Mai Wayarin: Dole ya dushe, kwayil ɗin da aka yi don wat 35 ba zai ciyar da 55 ba, zafin kuma shi ya cinye soket. Mayar da na da. Matsalarka saiti ce, lodi ya danne baya sai gaba ya ɗaga. Ku duka ku yi wannan, kyauta ne. Nemi bango a fili mai daidai da daddare, tsaya mita 5 daga bangon, ka hau mashin ka zauna, in kullum da goyo ko lodi kake tafiya to da shi za a auna. Wani ya auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, ya ja layi da gawayi a bango a daidai wannan tsayin. Sa dim. Bakin hasken na sama ya tsaya ƙasa da layin da kamar santimita 5, wajen yatsu uku ke nan. In ya haura, sassauta notin kan fitilar ka duƙar da ita ka ɗaure. A nan ne kuma za ka gane mai fuska huɗun da yake so. Kwanon fitila an ƙera shi ne don ɗan siririn zaren da ke cikin kwan kamfani, a wuri ɗaya tak, daga nan yake tattara haske ya jefa kan kwalta. Mai fuska huɗu yana fitar da haske daga inda kwanon bai sani ba, a bango ba za ka ga wani baki ba sam, fari ne kawai ya watsu ko'ina. Gabanka kusa zai yi fes har ka ji daɗi, ramin da ke can nesa kuwa ba ka ganinsa, mai zuwa kuma ya ɗauka fulayit ka sa masa.

Direban Sharon: Yauwa! Shi ya sa muke ɗaga musu. Ashe su ne mugayen.

Mai Boxer Ja: Kai ma yanzu ka ce su, ai duk ke nan. Janye.

Direban Sharon: Ban ce duk ba

Malamin Firamare: Ni baƙin gilashi nake sawa in za a dalle ni, ko mai ruwan ɗorawa, yana rage zafin sosai.

Maman Biyu: Malam yana rage zafin, yana rage hanyar ma. Ni da nake zuwa aikin dare a lifan abin da na koya shi ne kar ka kalli fitilar, mayar da ido gefen dama bakin kwalta ka sassauta totur tun kafin ku haɗu. A gudun kilomita 60 kana cin kusan mita 17 duk sakan ɗaya, in idonka ya ɗauke na sakan 3 ka yi mita 50 ba ka ga komai ba, tirelar da ta lalace aka zuba mata ganye a nan take jira. Kuma ku duba gilashin hular kwanonku, in ya kakkarce ko ya sha ƙura kowace fitila tarwatsewa take a kansa.

Ɗan Sabon Gari: Hular kwano a garin nan? Hajiya wa kika gani da ita

Maman Biyu: Ni. Da rigar ƙyalli ma, da sitika mai ƙyalli a madgad na baya. Amma kar a ɗauka rigar fitila ce, sai hasken mota ya dake ta take aiki, wanda zai fito daga lungu ta gefe ba zai ga ƙyallinta ba, kuma in ka goya mutum ko buhu ya rufe ta, amfaninta ta baya ya tafi. Danja dai dole a gyara.

Malamin Firamare: A hazo fa? Ni na ga kamar kwai mai ruwan ɗorawa ya fi farin ratsa ƙura.

Baba Mai Wayarin: Wannan har mu masu aikin ba mu daidaita ba. Abin da na tabbatar, a hazo fulayit dawo maka yake a ido ko wane launi ne, dim za ka bi.

Mai Boxer Ja: Duk kun bar maganar. Ni tambayata in na yi saitin, na sa riga, su za su sauke min?

Direban Sharon: Ka janye tukuna.

Shugaban Zaure, mai shagon kayan mashin: To jama'a dare ya yi, ga abin da aka tsayar. An yarda kwan kamfani ya yi rauni, kowa ya koma LED amma mai kyau, mai AC/DC, akwai shi a shago har da rigar ƙyalli da sitika. Direbobi kuma a ji tsoron Allah.

Baba Mai Wayarin: Alhaji ni yaushe na ce ya yi rauni? Saiti na ce, kuma kyauta.

Shugaban Zaure, mai shagon kayan mashin: Wanda ya sayi kwai a wajena saitin kyauta ne baba, ai magana ɗaya ce.